Yadda ake kwatanta taswirar gona da baki ga wanda yake nesa

Jama'a masu saurare na Gangara da kewaye, da ƴan uwa da ke bin mu daga Kano, Abijan ko Libiya, yau za mu yi bayani kan yadda ake karanta wa mutum taswira ta waya har ya gane ta kamar tana gabansa. Sau da yawa rabon gado ko cinikin gona yana tasowa alhali mai haƙƙi yana ci-rani. A nan ne "hannun dama", "can gaba kaɗan" da "wajen gawon nan" suke haddasa rigima tsakanin ƴan uwa. Abu uku ake daidaitawa kafin a shiga magana: fuska, awo, da alama.

Fuska: a bar dama da hagu

Dama da hagu suna juyawa da mutum. Wanda ya taso daga Maradi a kan babbar hanyar kwalta, ya bi ta Agye da Gazawa zuwa Tasawa, gabas ya nufa, kudu kuwa, wato gusum, tana hannunsa na dama. In ya juyo gida, gusum ta koma hagunsa. Shi ya sa a waya ake cewa gabas, yamma, kudu, arewa, don su ba sa juyawa.

A takarda, al'ada ita ce arewa tana sama, gabas a dama. Amma a fara neman kibiya mai harafin N, domin wani mai zanen yana karkata takarda. Inda kibiyar ta nuna, nan ce arewa. In takardar da Faransanci take, O yana nufin yamma. In daga Najeriya ta fito, W ne.

To, ga inda ake yawan tuntuɓe. Mun saba cewa mai salla ya fuskanci gabas, amma alƙibla a yankinmu ba gabas sak ba ce. Ta karkata zuwa arewa da kusan digiri 20. Wanda ya bi alƙibla yana zaton gabas ta taswira yake bi, in ya yi mita 100 ya kauce wa layi da wajen mita 35. Kun ga ya shiga gonar maƙwabci ke nan. Fitowar rana ma ba wuri ɗaya take ba: a watan Yuni tana fitowa ta wajen arewa maso gabas, a Disamba ta karkata kudu, sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa gabas daidai. Don haka tun farko a yi yarjejeniya: "Gabas ɗin takarda muke nufi, ba ta masallaci ba."

Awo: santimita nawa, mita nawa

A gefen taswira akan rubuta Echelle, sannan lamba kamar 1/2000. Ma'anarta, santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 2000 a ƙasa, wato mita 20. In 1/1000 ne, santimita 1 mita 10 ne. Manyan taswirorin ƙasa masu 1/200 000 kuwa, santimita 1 kilomita 2 ne. Irinsu suna nuna gari da hanya, amma ba sa nuna iyakar gona.

A kula da hoton da ake turawa ta waya. Da zarar an ɗauki takarda hoto, awonta ya tashi, domin allon waya yana ƙara girma yana ragewa. Mai riƙe da takardar asali shi zai aza rula ya auna, ya faɗi lambar da baki cikin mita.

Wanda ba shi da igiyar awo sai ya san takinsa. A auna mita 30 a fili, ya taka yadda ya saba tafiya. In ya yi taki 40, to kowane takinsa santimita 75 ne. Takin wani ba na wani ba ne, kuma cikin rairayi taki yana raguwa. Taki na kimantawa ne kawai, ba a yanke iyaka da shi.

Alama: abin da ba ya gusawa

Rijiya, masallacin Juma'a, lakwal, tsohuwar kuka, alamar siminti ta burtali, su ne ake dogara da su. Rumbu, dangar kara da turken dabba, bana suna nan, baɗi babu. Gawo kuwa, tun da manoman yankin Agye suka rungumi barin tsiron itace cikin gonaki, sai ka tarar da gawo da yawa a gona guda. Cewa "gawo" kawai bai isa ba, sai an ƙara: wanne, kuma mita nawa daga ina.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ɗauka yaya yana gida da takardar gona mai 1/2000, ƙanensa yana Kano. Ya auna ya samu santimita 6 a gefen kudu da na arewa, santimita 4 da rabi a gefen gabas da na yamma. Wato mita 120 da mita 90. Sai ya ce wa ƙanen ya ɗauki takarda da biro, ya rubuta arewa a sama, sannan ya fara:

"Mafarinmu rijiyar da ke bakin burtali. Daga rijiya ka yi arewa mita 40, ka iso kusurwar kudu maso yamma, inda kuka take. Daga kuka ka yi gabas mita 120, kana bin layin gamba, gonar kawu tana kudu da kai. Ka juya arewa mita 90, kana bin shingen aguwa. Ka juya yamma mita 120. Ka juya kudu mita 90, burtali yana yamma da kai, ka dawo gindin kuka."

Ku lura da tsarin. Mafari guda ne, kowane gefe an faɗi fuskarsa, tsawonsa da maƙwabcinsa, kuma an zagaya ta hanya ɗaya ba a tsallake ba. Faɗin gonar shi ne 120 sau 90, murabba'in mita 10,800, wato ta ɗara eka guda kaɗan, tun da ekarmu mita 100 ce a tsawo, 100 a faɗi. A Najeriya abin da ake kira eka bai kai rabin wannan ba, don haka a faɗi mita, a huta da gardama.

Yadda za a gane an yi kuskure

Zane sai ya rufe. Abin da aka tafi gabas dole ya yi daidai da abin da aka dawo yamma, haka arewa da kudu. In ƙanen ya ji "mita 100" a gefen arewa maimakon 120, birinsa zai tsaya mita 20 gabas da kuka. To, ko dai kunne ya kuskure, ko kuwa gonar ba murabba'i ba ce, akwai gefen da ya karkace. In karkacewa ce, a raba gefen gida biyu, a sa alama a wurin lanƙwasa. Daga ƙarshe mai saurare ya maimaita kwatancen da bakinsa, mai takarda yana bi da yatsa.

Irin wannan tsarin ake bi in filin gida ne: a fara daga ƙofar zaure, a faɗi inda take kallo, sannan a jera ɗakuna, rijiya da makewayi ta zagaye guda.

Kwatancen waya na fahimtar juna ne, ba ya zama shaida. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da muke kira Kofo. In magana ta kai ga sayarwa, jingina ko rabo, a je wurin mai gari da Kofo, a taka iyaka a gaban maƙwabta, a rubuta takarda.