Abin da Kamara Ba Ta Gani: Nazari kan Rubuta Sharhin Fim a Ƙasar Gobir

Yawancin masu rubuta sharhin finafinan dokumentari da Hausa rediyo ce ta raine su, ko dai sun yi aiki a cikinta ko sun tashi da ita a kunne. A rediyo mai magana shi ne idon mai sauraro, dole ya ce ga kasuwa ta cika, ga ƙura ta tashi. Idan ya dawo gaban hoto da wannan sabo, sai ka ji shi yana cewa "kamar yadda kuke gani", alhali wanda ke gani ba ya bukatar a gaya masa. Kamara ta riga shi. Amma ita ma tana da iyaka: ba ta san jiya ba, ba ta san dalili ba, kuma ba ta iya ɗaukar abin da babu shi a wurin. A waɗannan gurabe uku mai sharhi yake da aiki, kuma ƙasar Sabon Birni da Isa wuri ne da ake ganin haka ƙarara.

A ɗauki kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir. A ce edita ya jera hotuna huɗu: fili da gonaki daga nesa, sakan 8, wani dattijo yana hawa tudun ƙasa, sakan 10, hannunsa yana ɗauko tsingaro, sakan 6, fuskarsa, sakan 6. Sakan 30 ke nan. Mai karatu cikin natsuwa yana furta kalma biyu a sakan ɗaya ko ɗan fiye, wato wurin ba zai ɗauki abin da ya wuce kalma 60 ba, kuma wanda ya cike su duka ya toshe wa hoton numfashi.

Ga irin rubutun farko da akan kawo: "Wannan shi ne kufan Alkalawa. Kamar yadda kuke gani, yanzu fili ne da gonaki. Ga wani dattijo yana zagayawa da mu, yana nuna mana tsingaron tukwanen mutanen da." Kalma 28 ne. A kashe sauti a kalli hoton, a ga me aka rasa. Kalma ɗaya tak, sunan Alkalawa, shi ma ana iya rubuta shi a ƙasan allo.

Gyaran yana farawa da barin sakan uku na farko ba magana, ido ya gama yawonsa a filin. Sannan murya ta shigo: "Daga nan aka mulki Gobir kimanin shekara hamsin." Filin bai canza ba, amma mai kallo ya fara neman fada da ganuwa a inda hatsi ke tsaye. Da dattijon ya fara hawa tudu sai a ce: "A 1808 rundunar jihadi ta ci birnin, Sarki Yunfa ya faɗi a yaƙin." A nan akwai tarkon da ke kama sababbin marubuta. A takarda 1808 kalma ɗaya ce, a baki kuwa "dubu ɗaya da ɗari takwas da takwas" kalma bakwai ce. Jimlar ta zama kalma 19, ta cinye sakan goman nan ɗungurungum. Don haka ake auna sharhi da agogo ana karantawa da ƙarfi, kuma ambaton shekara ɗaya ya ishi jerin hotuna irin wannan.

A kan tsingaro ba a cewa komai. Ƙarar takun dattijon da iska sun wadatar, kuma a wannan shirun ne abin da aka faɗa yake zama a zuciya. A kan fuskarsa ma murya ba ta da hurumi, shi za a bari ya yi magana. Ni ina ganin rashin ladabi ne mai sharhi ya ce "baƙin ciki ya bayyana a fuskarsa". Wa ya sani? Wataƙila rana ce ta dame shi. Sauran tarihin, cewa sarautar ta koma Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma daga can Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, sai a ajiye wa hoton hanya ko na ƙofar gari, inda motsin hoton zai tafi tare da labarin ƙaura.

Akwai kuma tambayar wa ake yi wa fim ɗin. Tsagar Gobirawa da ke kumatun dattijon ba ta bukatar bayani ga ɗan Sakkwato ko ɗan Maraɗi, kallo ɗaya ya gane. Ga mai kallo a Legas bayanin ƙarin ilimi ne. Shi ya sa fassara sharhin Turanci zuwa Hausa jimla bayan jimla take haifar da fim mai koya wa Bagobiri Gobiranci.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne hotunan yau. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suke korar mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, kuma a watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. Kamara kusan kullum bayan an gama take isowa. Abin da take samu shi ne kwalta ba mota, rumfunan kasuwa, damman gero a bakin gona. Hoton damman nan shi kaɗai cewa yake an yi albarka. Idan murya ta ce "manoma sun girbe amfaninsu", ta maimaita, ta kuma taya hoton ɓoye gaskiya. Idan ta ce mutanen garin sai da suka haɗa kuɗi suka biya harajin 'yan bindiga kafin a bar su su shiga gona, kowane dami ya koma abin da aka fansa.

Wannan ƙarfi kansa shi ne hatsarin. A fim ɗinsa na Saberiya, a ƙarshen shekarun 1950, Chris Marker ya nuna hoton titi ɗaya a birnin Yakutsk sau uku da sharhi uku: na yabo, na suka, da na mai cewa shi ba ya ɓangare. Duk ukun hoton ya amsa musu. Hoto ba ya musu da mai sharhi, mai kallo kuwa yana ɗaukar hoton a matsayin shaidar maganar. To idan gonar da aka ɗauka ta gefen garin Isa ce, harajin kuma a wani ƙauye can aka biya shi, an sa gonar shaidar zur ko da kowace kalma gaskiya ce. Sai dai a gyara jimlar ta ce "a wasu ƙauyukan yankin", ko a nemo hoton ainihin wurin. Hanyar ganewa ita ce a bi kalmomin nuni ɗaya bayan ɗaya, "nan", "wannan", "waɗannan mutane", a tambayi wanda ya riƙe kamara ko a ranar da wurin abin ya dace da su.

Wani ƙarin bayanin kuma gaskiya ne, sabo ne, amma ba a faɗarsa. An rufe fuskar manomi, an sauya muryarsa, sai mai sharhi, don ya nuna ya yi bincike, ya ambaci sunan ƙauyen da ranar kasuwar da aka haɗu da shi da yawan 'ya'yansa. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya kware rufin da edita ya yi. Fim ɗin zai yawo a wayoyi har cikin daji, masu ɗaukar fim ɗin sun koma Sakkwato, shi kuwa manomin gobe da sassafe gonar nan zai koma.