Shin koyon sabon harshe yana da wa'adi?

A shekarar 1967 masani Eric Lenneberg ya yaɗa hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana da wa'adin naƙaltar harshe cikin sauƙi, wanda ke ƙarewa da balaga.

Johnson da Newport sun gwada hasashen a 1989 kan 'yan Sin da Koriya 46 mazauna Amurka. Waɗanda suka isa ƙasar suna da shekara 3 zuwa 7 sun yi kunnen doki da 'yan ƙasa a nahawun Ingilishi, amma maki ya riƙa raguwa gwargwadon jinkirin isowa. Sai dai wani binciken na 2018, mai mahalarta kusan 670,000, ya nuna ƙarfin koyon nahawu bai fara dusashewa sosai ba sai wajen shekara 17.

Lafazi ne ya fi wahalar da babba. Baƙon ɗan kasuwar da ya koyi Hausa da girmansa a Dutse yakan yi ciniki tsaf a kasuwar Shuwarin, amma ya kasa bambanta “kafa” da “ƙafa”. Kalmomi kuwa ba su da wa'adi. Saboda haka babba yana iya ƙwarewa. Kamanta lafazin ɗan gida ne ke da wuya.