Buɗe asusun ajiya na farko a banki: takardun da ake nema da inda aka fi samun cikas

Wanda zai buɗe asusun ajiya a karon farko a Najeriya, abubuwa biyu banki ke son ya tabbatar a kansa: ko shi wane ne, da kuma inda yake zaune. Duk takardun da ake nema suna komawa ne ga waɗannan tambayoyi biyu, kuma gwargwadon shaidar da mutum ya kawo, gwargwadon kuɗin da za a bari ya ajiye. Tun shekarar 2013 Babban Bankin Najeriya ya kasa asusun ɗaiɗaikun mutane zuwa matakai uku bisa wannan ma'auni.

Mataki na farko shi ne mafi sauƙi. Ana karɓar suna, ranar haihuwa, lambar waya, adireshi da hoton fasfo, kuma bankuna da dama suna buɗe shi ta waya ko ta hannun wakilansu. Sai dai yana da iyaka: ba a zuba fiye da naira 50,000 a lokaci guda, kuma jimillar abin da ke ciki ba za ta haura naira 300,000 ba. A mataki na biyu jimillar tana kaiwa naira 500,000. Mataki na uku ba shi da irin wannan iyaka, amma sai an kawo cikakkun takardu an kuma tantance adireshi.

A da, ana iya buɗe mataki na farko ba tare da wata lamba ba. Wannan ya ƙare da umarnin da Babban Bankin ya fitar a watan Disamban 2023, wanda ya wajabta lambar BVN ko ta NIN ga mataki na farko, sannan duka biyun ga mataki na biyu da na uku.

Mutane da yawa suna rikita lambobin nan biyu, domin kowacce alƙaluma 11 ce. NIN lambar shaidar ɗan ƙasa ce da hukumar NIMC ke bayarwa. BVN kuwa ta harkar banki ce, an fara ta a 2014, kuma a cikin banki ake yin ta, inda ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu. Mutum ɗaya BVN ɗaya yake da ita, ko da yana da asusu a bankuna biyar. Wanda bai taɓa yi ba, za a yi masa a reshen da ya je buɗe asusun, don haka dole ya je da kansa. Wanda ya yi ya manta, yana iya duba ta a layin wayar da ya yi rajista da shi, ana cirar ɗan kuɗi kaɗan:

```
*565*0#
```

Ta NIN kuma:

```
*346#
```

Bayan lambobin, banki yana neman katin shaida mai hoto wanda gwamnati ta bayar. Huɗu ne aka saba karɓa: katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, katin zaɓe na dindindin, lasisin tuƙi, da fasfo na tafiya ƙasashen waje. Lasisi da fasfo suna da wa'adi, kuma wanda ya ƙare ba a karɓarsa. Katin wurin aiki da ma'aikacin gwamnati ke ratayawa yana da amfani idan asusun albashi ne, tare da wasiƙar gabatarwa daga ma'aikatarsa, amma a yawancin bankuna ba ya maye gurbin ɗaya daga cikin huɗun nan. Masu tsaya wa mutum guda biyu da ake yawan ambata, ga asusun da ake rubuta cak da shi ake neman su. Asusun ajiya ba ya buƙatarsu.

Shaidar adireshi ita ce ta fi ba mazauna birni wahala. Abin da aka fi nema shi ne takardar kuɗin wuta ko ta ruwa wadda ba ta wuce wata uku ba. Mai mitar kati yana iya kawo rasit ɗin sayen wuta, muddin adireshin gidan ya fito a jiki. Ɗan haya yakan damu ganin sunan mai gida a takardar, alhali adireshin ne banki ya fi kulawa da shi: ya zama wanda ke kan takardar shi ne wanda aka rubuta a fom. Wasu bankuna suna karɓar yarjejeniyar haya ko rasit ɗin kuɗin haya. Daga nan sukan tura wakili ya je ya ga gidan, ya tambayi maƙwabta. A tsofaffin unguwanni da lunguna ba su da suna, rubuta «Fagge, Kano» kaɗai ba ya kai kowa ƙofar gida. Ya kamata a ƙara lambar gida idan akwai, da wata sananniyar alama kamar masallaci ko makaranta, a kuma sanar da mutanen gida da sunan da aka rubuta. Ba abin mamaki ba ne a tambayi yaran ƙofar gida sunan yanka su ce ba su san mai shi ba, domin da laƙabi suka san shi.

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya buɗe asusun mataki na farko da NIN ɗinsa, ciniki ya tara masa naira 270,000. Wani abokin ciniki daga Gusau ya tura masa naira 45,000. Kuɗin bai kai iyakar zubi ɗaya ba, amma jimillar ta zama 315,000, ta haura iyaka da 15,000. Ko dai kuɗin ya ƙi shiga ya koma wa mai shi, ko ya shiga a hana cirewa har sai an ɗaga matakin asusun. Ya tafi banki da katin zaɓe da takardar wuta, sai aka tarar a NIN an rubuta Muhammad Sani, a katin zaɓe Mohammed Sani, sannan a BVN ɗin da ya yi shekarun baya an ƙara sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, shekarar haihuwa ma ta bambanta. A idonsa duk shi ne. A wurin na'urar da ke gwada bayanan, harafi ɗaya yana iya isa ta ce ba su dace ba.

Gyaran yana da tsari. Mutum ya fara zaɓar rubutun da zai tsaya a kai, kuma ya fi sauƙi ya ɗauki na NIN, tunda da shi ake gwada sauran. Idan kuskuren a NIN yake, wurin NIMC ake gyarawa, ana biyan kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da tsauri. Idan a BVN yake, banki ne ke gyarawa, yakan nemi takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwar sauya suna a jarida. Matar da ta koma amfani da sunan miji za ta kawo takardar aure. Wannan aiki yana iya cin kwanaki ko makonni, kuɗin ɗan kasuwar kuwa yana tsare. Saboda haka wanda ya san cinikinsa zai wuce naira 300,000, gara ya jera takardunsa ya gwada su harafi da harafi tun a gida, ya nemi mataki na uku tun ranar farko.

Idan komai ya daidaita, ana cike fom, a sa hannu ko a dangwala yatsa, a karɓi lambar asusu mai alƙaluma 10. Layin wayar da aka bayar ya zama na mai asusun ne, wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinsa, domin ta nan saƙon shige da ficen kuɗi da lambobin sirri za su riƙa zuwa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kiran waya ya nemi a karanta masa lambar sirrin kati ko lambar da aka turo ta saƙo.

Asusun ajiya na bankunan da aka saba yana tara kuɗin ruwa. Wanda ba ya so, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma takardun da suke nema iri ɗaya ne da na sauran.