Kason Sodiyam a Dunƙulen Miya da Taliyar Indomi: Lissafin Ci Ɗaya

Tsakure

Maƙalar ta auna abin da ci ɗaya na miya mai dunƙule da na indomi ke ɗauka daga ma'aunin sodiyam na yini. Ta nuna cewa yawan mutanen da suka raba abincin ne ke bambanta su.

Ma'auni

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato gishiri giram 5, saboda alaƙarsa da hawan jini. Kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin gishiri sodiyam ne, don haka idan an rubuta sodiyam a jikin leda, sai a ninka shi sau biyu da rabi a sami gishirin. Harshe ba ya iya wannan awo, domin farin magi ma yana ɗauke da sodiyam kusan kashi 12 cikin ɗari, kanwa kuma, wadda ba a cika lissafa ta ba, sodiyam ne ginshiƙinta.

Tukunyar miya

Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, kuma kusan rabinsa gishiri ne, wato sodiyam miligiram 800. A ɗauka uwargida ta marmasa guda biyar a miyar kuka ta mutum shida, ta ƙara gishiri giram 5. Jimilla miligiram 6,000 ke nan, kowa ya tashi da 1,000. Rabin kason yini ya tafi a tuwon dare kaɗai. Idan aka yi ɗumame da safe, an cike shi. Abin lura shi ne, sulusin wannan adadi daga gishirin da aka ƙara ya fito, alhali dunƙulen ya riga ya kawo nasa.

Ledar indomi

A nan babu rabo, mutum ɗaya ke cinye ledar da duk garin ɗanɗanonta. Yawancin sodiyam ɗin yana cikin wannan ɗan ƙunshi, amma ita kanta taliyar da gishiri ake kwaɓa ta. A ƙaddara rubutun jikin ledar ya ce miligiram 1,500 a kowane giram 100. Leda mai giram 70 za ta ba da 1,050. Matashin da ya ce wa mai shayi "a dafa min biyu, a sa ƙwai" ya ci 2,100, kuma in aka marmasa masa rabin dunƙule ya kai 2,500 a zama ɗaya. Yaro kuwa, ma'auninsa bai kai na baligi ba.

Iyakar lissafin

Rabon miya ba ya zuwa daidai a kwano ɗaya, kuma adadin sodiyam yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. Hanyar da masana suka fi dogara da ita wajen gane abin da ya shiga jiki ita ce tara fitsarin awa 24, tun da kusan kashi 90 cikin ɗari na sodiyam ta nan yake fita.