Farar hayaniya

farar hayaniya (suna, mace). A ilimin sigina: sigina x[n] mai zuwa barkatai, matsakaicinta sifili, samfuranta ba ruwansu da juna, ƙarfinta σ² ya bazu daidai a kowace mita.

Tambayar jarrabawa: An tace ta da matatar y[n] = x[n] + x[n−1], σ² = 3. Nemo alaƙar y da kanta, R[k], da rabon ƙarfinta bisa mita, S(ω).

Amsa: R[0] = 6. R[±1] = 3, domin y[n] da y[n−1] sun yi tarayya a samfur guda. Sauran duk sifili ne. Saboda haka S(ω) = σ²|H(ω)|² = 6 + 6cos ω, wato 12 a ω = 0, sifili a ω = π. Hayaniyar ta daina zama fara.

Kada ka sa |H| a madadin |H|². Duba amsarka: tilas matsakaicin S(ω) ya zama R[0].