Tarihin Kalmar "Sabjantif" da Yadda Harsuna Ke Faɗin Abin da Bai Faru Ba

Duk wanda ya karanta nahawun Hausa a littattafan da aka rubuta da Ingilishi ya ci karo da kalmar sabjantif. Ita ce sunan da aka laƙaba wa jerin nan na in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a, kamar a cikin "mu tafi" ko "Allah ya kiyaye", wanda malamanmu suke kira umartau. Ɗalibi kuwa idan ya duba ƙamus sai a gaya masa sabjantif siga ce ta aikatau da ake bayyana fata da shakka da abin da bai auku ba. Daga nan ruɗani yake farawa, domin umartau na Hausa bai cika wannan bayani ba. Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar tun daga asalinta, don a ga cewa sunan bai taɓa nufin fata ko shakka ba, kuma harshen da ba shi da sigar bai rasa hanyar faɗin waɗannan abubuwa ba.

Asalin kalmar daga Girkanci ne. A cikin ɗan littafin nahawu da ake dangantawa ga Dionysius Thrax, wanda ya rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, an kasa aikatau gida biyar ta fuskar yanayi. Akwai sigar ba da labari, da ta umarni, da ta fata ko addu'a, da wadda ba ta nuna mai aiki, sa'an nan da wadda aka kira hupotaktike, wato "wadda ake jerawa a ƙarƙashi". An ba ta wannan suna ne saboda galibi ba ta tsayawa da ƙafarta. Tana zuwa a cikin ganga dogarau, bayan ƙananan kalmomi masu ma'anar "idan" ko "domin". Ke nan mazauninta a cikin jimla aka duba aka raɗa mata suna, fata kuwa tana da tata sigar dabam mai nata suna.

Da Rumawa suka ɗauki wannan tsari suka ɗora wa Latin, sai suka fassara sunan. Donatus, a ƙarni na 4, ya yi amfani da konyunktibus, "mai haɗawa". Priscian, wanda ya koyar a Kustantiniyya wajen shekara ta 500, ya yi amfani da subyunktibus, "wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashi". Daga ta biyun Ingilishi da Faransanci suka samo tasu, Jamusanci kuma ya riƙe ta farkon. Amma akwai wata matsala da Rumawan suka tsallake. Latin ba shi da sigar fata dabam kamar Girkanci, siga ɗaya ce take ɗaukar ayyukan biyu. Duk da haka malaman suka ci gaba da lissafa sigar fata a littattafansu, tun da yake tsarin da suka gada ya tanadar mata gurbi. Abin da suke yi shi ne su sa kalmar utinam, wato "ina ma", a gaban sigar nan guda, su ce ga sigar fata. A ganina wannan shi ne karo na farko a tarihin kalmar da aka auna wani harshe da mudun wani, kuma ya nuna tun a lokacin cewa ƙaramar kalma a gaban aikatau tana iya ɗaukar nauyin fatar.

Saboda Latin ya tara fata da shakka da sharaɗin da bai tabbata ba a kan siga ɗaya, kuma da Latin aka yi ƙarnoni ana koyar da nahawu a Turai, sai sunan ya jiƙe da waɗannan ma'anoni har aka manta asalinsa. Abin mamaki, shi kansa Girkancin da ya haifi kalmar ba ya amfani da hupotaktike wajen faɗin sharaɗin da bai auku ba. Sigar ba da labari ta shuɗaɗɗen lokaci yake ɗauka, ya ƙara mata ƙaramar kalma an a ganga ta biyu. Malamanmu na Nijar su ma sun san cewa a Faransanci ba a sa sabjantif bayan si a irin wannan sharaɗi.

Almajirin da ya karanta Ajurumiya zai ga wani misalin. Abin da Turawa masu nahawun Larabci suka kira sabjantif shi ne mudari'i mansubi, wanda ke zuwa bayan an, lan, kai da izan. Malaman Larabci da alamar ƙarshen kalma suka yi masa suna, ba su ce komai game da fata ba, kuma sun yi daidai, domin lan kore abin da zai zo kawai take yi. Fata da laita ake yin ta, sharaɗin da bai auku ba kuma da lau.

To, mu dawo gida. Umartau na Hausa ya dace da tsohuwar ma'anar kalmar ƙwarai da gaske, domin shi ne ke zuwa bayan don, da kafin, da gara, da dole, da kada, da kuma bayan aikatau irin su so da hana: "ina so su zo", "kafin su zo", "kada su zo". Yana ɗaukar addu'a da umarni ma. Amma a gwada shi da sharaɗin da bai auku ba a gani:

(1) Da sun zo jiya, da mun gama aikin.

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san ba su zo ba, kuma aikin bai ƙare ba. Babu umartau ko ɗaya a cikin jimlar. Sun da mun shuɗaɗɗen lokaci ne, irin wanda ake ba da labarin abin da ya faru da shi. Abin da ya juya ma'anar shi ne da ɗin nan guda biyu, mai dogon wasali da karin sauti ƙasa, ɗaya a kan kowace ganga. Idan aka ce "da su zo jiya, da mu gama aikin", an ɓata jimlar. Ginin nan ya fi kusa da na Girkanci, wato shuɗaɗɗen lokaci da ƙaramar kalma, bisa ga na Latin.

Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, saboda haka ya kamata malami ya koya wa ɗalibi bambanta wannan da daga takwararta mai gajeren wasali:

(2) Da suka zo, sai muka gama aikin.
(3) Da sun zo, sai mu gama aikin.

A (2) sun zo ɗin, labari ake bayarwa, kuma suka ita ce shaida. A (3) ba su zo ba tukuna amma ana sa ran zuwansu, ma'anar ita ce "da zarar sun zo". Farkon (1) da na (3) iri ɗaya ne a takarda, sai an kai ganga ta biyu ake rabewa: in an ga wata da ɗin, ƙofa ta rufe, in an ga sai, tana buɗe. Yana da kyau a riƙa gwaji da jam'i, domin a tilo "ya zo" yana iya zama siga huɗu dabam-dabam a baki, alhali a jam'i kowace tana fitowa fili: sun zo, suka zo, su zo, sa zo.

Shi wannan mu na "sai mu gama" ya jawo wata muhawara. Ba fata ba ne, ba umarni ba ne. Haka kuma a cikin "za su tashi su tafi kasuwa su sayi hatsi", su na biyu da na uku lokacin za su kawai suke ci gaba da shi. Saboda irin wannan ne Paul Newman, a babban nahawunsa na shekarar 2000, ya raba jerin gida biyu, ya bar wa ɗaya sunan sabjantif, ya kira ɗayan siga 'yar ba-ruwanmu, ko da yake lafazinsu ɗaya ne. Mai karatu yana iya yarda da rabon ko ya ƙi, amma dalilin yin sa a fili yake: sunan da aka aro ya yi wa jerin kaɗan ta wani gefe, ya yi masa yawa ta wani. Sunan umartau ma bai tsira ba, don babu wanda ake umarta a cikin "kafin su zo".

Shakka kuwa Hausa ta watsa ta a kan kalmomi: watakila, mai yiwuwa, ko, anya. Akwai kuma wai, wadda mai magana ke tsame hannunsa da ita daga labarin da ya ji, aikin da jaridun Jamus ke yi da sigar aikatau. Nadama da buri suna da "ina ma" da "da ma", har Bahaushe ya mai da ginin suna ya ce da-na-sani ƙeya ce.

Wani zai ce duk wannan gardamar suna ce kawai. Abin da ya faru da Sinanci ya nuna ta wuce nan. Aikatau a Sinanci ba ya canza siga ko kaɗan, saboda haka babu sabjantif ta kowace ma'ana. A shekarar 1981 wani masani Ba'amurke, Alfred Bloom, ya buga littafi yana cewa wannan rashi yana sa masu harshen su sha wuya wajen bin tunanin "da kaza ya faru". Ya ba masu Ingilishi da masu Sinanci labari ɗaya, na wani masanin falsafa wanda bai iya Sinanci ba, amma da ya iya da ya gano kaza da kaza. Da aka yi tambayoyi, masu Ingilishi suka fi ba da amsa daidai nesa ba kusa ba. Maganar ta yi nauyi, domin tana nufin al'umma guda tana da rauni a wani irin tunani da kimiyya da shari'a da tarihi duk suke dogara da shi.

A shekarar 1983 Terry Au, wadda ta tashi da harshen, ta buga amsa. Ta lura cewa Sinancin labarin ba irin wanda masu harshen ke yi ba ne, fassara ce mai ƙarnin Ingilishi. Ta sake rubuta labarin da Sinanci mai kyau, ta maimaita gwajin, sai bambancin ya ɓace. Sinanci yana da hanyoyinsa: a fara faɗin gaskiyar abin da ya faru sa'an nan a kawo "idan", ko a yi amfani da yaubushi, wadda ta yi daidai da "ba don" ta Hausa, kamar a ce "ba don ruwan sama ba, da mun iso". Abin da gwajin farko ya auna shi ne ingancin fassarar.

Da mai bincike irin wannan zai zo Kano ko Damagaram riƙe da ma'anar ƙamus, zai tarar an rubuta cewa Hausa tana da sabjantif, ya fassara labarinsa da umartau, ya sami jimloli irin "da su zo jiya" waɗanda ba wanda zai gane. Ƙaramin kwatankwacin wannan yana faruwa a aji duk lokacin da aka ce wa ɗalibi ya fassara sharaɗin Ingilishi ko na Latin "da sabjantif na Hausa". Abin da ya fi shi ne malami ya raba tambayar biyu a kan allo: wace siga ce wannan, kuma wane aiki take yi a wannan jimla. Daga nan sai ya ba ɗalibai (1) da (3) su karanta da babbar murya, su ji da kunnensu inda wasalin da ya yi tsawo.