Tsakanin "I" da "me": inda wakilin suna ke tuntuɓe a saƙonnin imel na ofis

Ga wani gajeren saƙo, irin wanda ake gani kullum a ofisoshin da ke aiki da Turanci:

```
Him and me sent the report on Monday.
Please reply to the director and I.
Between you and I, the figures came late.
```

A ma'aunin nahawun makaranta, kowane layi yana da kuskure. Sai dai wanda ya rubuta wannan ba zai taɓa cewa "him sent the report" ko "reply to I" ba. Muddin wakilin sunan yana tsaye shi kaɗai, hannunsa ba ya kuskure. Rikicin yana tasowa ne a wuri ɗaya tak, wato inda "and" ta haɗa mutum biyu. Abin da nake son nunawa shi ne cewa layi na farko da layuka biyun da ke biye ba cuta ɗaya ke damun su ba, kuma malamin da ya ba su magani ɗaya yakan ƙara rura wutar da ya zo kashewa.

Tsohon Turanci yana sauya siffar suna gwargwadon aikinsa a jimla, aikau ne ko karɓau. Wannan tsari ya zube tun ƙarnoni da suka wuce, tsarin jeren kalmomi ya karɓi aikin. Abin da ya rage bai wuce tagwaye shida ba: I/me, he/him, she/her, we/us, they/them, da who/whom. Ko "you" ta rasa abokiyar tagwaitakarta "ye". Saboda haka mai magana da Turanci yana riƙe da guntun tsari ne wanda sauran harshen ya daina tallafa masa.

Layi na farko, "him and me sent", shi ne yadda ɗimbin 'ya'yan Turawa ke magana tun suna ƙanana, kafin makaranta ta sa baki. Joseph Emonds ya kafa hujja a 1986 cewa a Turancin da yara ke tashi da shi, siffar aikau tana zuwa ne kawai idan wakilin sunan shi kaɗai ne aikau na jimla. A ko'ina ban da nan, siffar "me" da "him" ce ke fitowa. Shi ya sa idan aka tambayi wa ke son shayi, amsar ita ce "me". A ganinsa, "he and I sent" ado ne da ake koyo daga baya, ba abin da aka sha a nono ba.

Bahaushe zai gane wannan cikin sauƙi, domin harshensa ya ware rukuni guda don wannan aiki: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Muna cewa "ni da shi muka aika rahoton", muna kuma cewa "an kira ni da shi". Haɗin bai sauya ba, ko da aikinsa a jimla ya sauya. Ma'aikacin da ke rubutu da Faransanci a Yamai ko Damagaram ma haka yake yi da "lui et moi", kuma babu mai ce masa ya yi kuskure. Turancin baki ya bi wannan hanya. Turancin rubutu ne ya ƙi amincewa.

Layi na biyu da na uku kuwa daga gyara suka samo asali. Tun zamanin littafin nahawun Robert Lowth na 1762 da na Lindley Murray na 1795, makarantu ke tilasta wa wakilin suna bin ƙa'idar aikau da karɓau ko'ina. A aji, abin yakan taƙaita zuwa tsawa guda: yaro ya ce "me and John went", malami ya ce a'a, "John and I". Ba a gaya masa dalili ba. Abin da ya ɗauka ya tafi da shi shi ne cewa "and me" maganar marasa ilimi ce, "and I" kuwa ta masu ladabi. Ya girma, ya samu aiki, zai rubuta wa shugabansa, sai ya sa "and I" har inda "to" ko "between" ke neman karɓau. Wannan ne ya sa kuskuren ya fi yawa a saƙon da aka yi taka-tsantsan wajen rubuta shi, ba a hirar abokai ba.

Akwai shaidar da ke nuna cewa "and I" ta daskare ta zama dunƙule guda. Mai rubuta "between you and I" da wuya ya rubuta "between I and you", ko "between you and we". Siffar aikau ba ta yaɗu ko'ina ba. Ta maƙale ne a gurbi ɗaya, na ƙarshen haɗi, da wakilin suna ɗaya.

Amma bai kamata a ɗora wa malamai laifin duka ba. Haɗin "between you and I" ya fito a wasan Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, wanda aka fara bugawa a 1600, kuma a cikin wasiƙa ma, wadda Antonio ya aika wa Bassanio. Shekara 162 ke nan kafin littafin Lowth. Makaranta ta ƙarfafa abin, ba ita ta ƙirƙire shi ba. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Cambridge na 2002, sun ƙi kiran sa tsantsar kuskure, ganin yadda masu ilimi da yawa ke amfani da shi, sun kuma nuna cewa babu dalilin da ya wajabta wa haɗaɗɗen suna yin daidai da tilo. Na yarda da su a fagen bayanin harshe. A fagen ofis kuwa, ra'ayina daban ne. Saƙon imel rubutu ne da ke zama, ana tura shi gaba, yana isa hannun wanda bai san marubucin ba. Daga cikin masu karantawa akwai waɗanda "between you and I" ke sosa wa rai, amma babu wanda "between you and me" zai dama. Mai neman kwangila ko ƙarin girma ba shi da ribar gwada sa'a a nan.

Hanyar gane daidai ita ce a cire abokin haɗin, a ji abin da ya rage. A layi na farko, cire "and me": "him sent" ba ta zauna ba, "he sent" ce. Cire "him and": "me sent" ba ta zauna ba, "I sent" ce. To, "He and I sent the report". A layi na biyu, cire darakta: "reply to I" ta yi tsami a kunne, "reply to me" ce, don haka "the director and me". A layi na uku dabarar ta gaza, domin "between" tana bukatar biyu, kuma "between me" ba jimla ba ce. A nan sai a maye gurbin duka haɗin da jam'i: "between us" ake cewa, ba "between we" ba. Tunda "us" 'yar'uwar "me" ce, amsar ita ce "between you and me". Wannan gwaji na biyu ya fi na farko ƙarfi, don yana aiki a dukan layukan uku: inda "we" ta shiga, "he and I" ne, inda "us" ta shiga, "him and me" ne.

Saura mafakar da ma'aikata da yawa suka gano, wato "myself". Wanda ya rasa zaɓi tsakanin "I" da "me" sai ya rubuta "reply to the director and myself", yana ganin ya tsira. Ita kuwa "myself" a ƙa'idar rubutu tana komawa ne ga "I" da ke aikau na jimlar, kamar a "I copied myself". A jimlar umarni aikau shi ne wanda ake wa magana, don haka ba ta da inda za ta koma, kuma gwajin cirewa yana tona ta nan take: "reply to myself" ba ta fi "reply to I" zama ba.